Ungozoma Da-Saura da Ɗan da Ya Taho da Goshi

Matso nan kusa, ka kaɗe tabarmar ka zauna, ke ma ajiye abin da ke hannunki, ba gudu zai yi ba. Labarin wata mata zan ba ku, wadda rabin mutanen unguwarsu a hannunta suka faɗo duniya, amma da wuya ka sami mutum biyar da za su ce suna ƙaunarta.

Ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke ƙarshen layi, bayan shagon masu gyaran fanka. Ɗakuna uku ne da baranda, da dogon benci wanda zaman jira ya goge shi har yana sheƙi. Ba a yin tiyata a wurin. In abu ya fi ƙarfinsu, sai su sa mace a motar asibiti a wuce da ita babban asibiti. Ita kuwa 'yar ƙaramar mace ce, siririya, da tabarau a kan hanci da agogo maƙale a ƙirjin farar riga. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Da-Saura yake ce mata, har likitoci.

Ga inda sunan ya samo asali. Mace za ta zo tana riƙe da ƙugu, dangi na biye da ita da jaka da bokiti, kowa ya tabbata yanzu za a ji kukan jariri. Ungozoman nan ta sa safar hannu, ta duba, ta cire safar ta jefa a kwando, ta ce, "Da saura." Shi ke nan. Ba sannu, ba ƙarin bayani sai in ka matsa. Yara har waƙa suka yi da abin. In mace ta ɗora tukunya miji ya leƙo ya ce an gama, sai ta ce masa, "Da saura, in ji ungozoma."

Ba wai ba ta san bayanin ba ne. In ta sami ɗalibai a ranar da ranta yake fari, takan zaunar da su ta ce, "Naƙuda hawa uku ce. Hawan farko, bakin mahaifa ne yake laushi, ya yi siriri, ya buɗe, daga rufe ruf har santimita goma. Farkonsa tafiyar hawainiya ce, ciwo ya zo ya tafi yadda ya ga dama, mai cikin fari tana iya wuni ta kwana a haka, kuma ba komai in ita da ɗan suna lafiya. In an kai wajen biyar, ciwo ya kankama yana zuwa a jere, to nan ne ake sa ido, don daga nan ya kamata a riƙa ganin ci gaba. Hawa na biyu, ƙofa ta gama buɗewa, uwa ta yi nishi, ɗa ya fito. Hawa na uku, mabiyiya ta biyo, mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Wadda ta ce an gama don ta ji kukan jariri, ba ta san aiki ba." Ga ɗalibai ke nan. Masu haihuwa da danginsu kuwa, kalma biyu ce rabonsu.

Tana da yaya guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita Yaya tela ce, mai shago a bakin titi, katuwar mace mai murya kamar ana buga ganga. Haihuwa bakwai ta yi, duk a ɗakinta, kuma ba wanda zai kawo ɗinki ya fita bai ji labarin na huɗun ba: wai tana cikin ɗinka wuyan riga abin ya taso, ta shiga ɗaki ta sauka, ta fito ta ƙarasa wuyan kafin mai riga ta dawo. Duk shekara wuyan rigar nan ƙara wahala yake yi a labarin.

Ana cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma na waɗannan ya wuce saɓani. Tun Da-Saura tana amarya, kafin ta san ƙofar makarantar ungozoma, ta yi ciki. Da naƙuda ta zo, Yaya ce a kanta. Aka wuni, aka kwana, aka sake wuni, Yaya tana cewa, "Yi nishi, raguwa! Haihuwa ai ba a yi wa mutum ita." Da aka kai ta asibiti daga baya, mahaifa ta riga ta tsage. Aka yi mata aiki, aka ceto ranta, ɗan bai zo da rai ba, mahaifar ma ba ta gyaru ba. Da ta farfaɗo, abin da Yaya ta fara faɗa mata shi ne, "Da kin ƙara ƙoƙari kaɗan." Daga ranar ba su sake cin abinci a kwano ɗaya ba. Suna gaisawa a wurin rasuwa, kowace tana kallon bango. Yaya kan ce wa masu kawo ɗinki, "Wadda ba ta taɓa sauka da kanta ba, ita ce yau take koya wa mata haihuwa. Duniya ke nan."

Abu guda ne ya haɗa su, autar Yaya. Tun yarinyar tana rarrafe take bin ƙanwar uwarta, tana kiranta Inna. Da-Saura, wadda ba ta yi wa kowa dariya, ita ce mai yi mata kitso tana ba ta alewa a ɓoye. Auta ta girma, ta zama malamar makaranta, ta auri wani mai walda, mutum shiru-shiru wanda in surukarsa ta yi tari sai ya miƙe tsaye. Da ciki ya samu, wurin Inna take zuwa awo, Yaya tana hura hanci amma ba ta hana ba.

To, ranar da ciwo ya fara, da yamma mai walda ya kawo Auta asibitin, Yaya na biye da su, ba don tana so ba. Da-Saura ta shiga da yarinyar ta duba. Bakin mahaifa bai wuce santimita biyu ba, ciwon yana zuwa jefi-jefi, faya ba ta fashe ba, zuciyar ɗa na bugawa lafiya lau. Kan dai bai shiga ƙugu sosai ba tukuna, abin da ta ƙudura a ranta za ta sa wa ido. Ta fito baranda tana goge hannu. Da wata ce ke tsaye a wurin, wataƙila da ta tsaya ta yi magana a tsanake. Amma Yaya ce, ta harɗe hannuwa a ƙirji, tana mata kallon sama da ƙasa.

"Da saura," in ji ungozoma.

"Ai dama na sani," Yaya ta ce. "Ko kan ɗa kika gani a waje, abin da za ki faɗa ke nan. Aku ma ya fi ki yawan kalmomi."

"Ku koma gida. Ta ci abinci mara nauyi, ta sha ruwa, ta riƙa zagayawa. In faya ta fashe, ko ta ga jini, ko ciwo ya matso kusa-kusa, ko ta ji motsin ɗa ya ragu, ku dawo nan take. Kuma kar ta yi nishi."

Duk ta faɗa, ba abin da ta rage. Sai dai ta faɗe shi ne tana tafiya, ta riga ta ba su baya, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai magana da tsintsiya. Mai walda ya je kawo mota. Auta kuma ciwo ya murɗa ta, ta dafa bango, ba ta ji ba. Yaya kaɗai ta ji, ita kuwa kalma biyun farko ta ɗauka ta ƙulle a bakin zani, sauran ta bar su a barandar.

Ba su daɗe da komawa ba faya ta fashe. Auta ta ce, "Umma, a mai da ni wurin Inna."

"A mai da ke ki yi me? Ba ta ce da saura ba? To mu ma muna jiran sauran. Ni ba za a yi ta yawo da ni a titi kamar mai tallar goro ba. Durƙusa nan, ni na haife ki, ba ita ba."

Haka aka kwana. Duk lokacin da ciwo ya taso, Yaya ta riƙe kafaɗunta ta ce, "Yi nishi!" Yarinya ta yi ta yunƙuri a kan ƙofar da ba ta buɗe ba. Mai walda yana tsakar gida yana kai da komo, in ya matso bakin ƙofa ya ce, "Umma, ko dai..." sai a ce masa, "Namiji me ya kawo ka nan? Je ka ka yi waldarka." Sai da hantsi ya ɗaga, ya ji muryar matarsa ta dishe, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗaga labule ya shiga, ya ce, "Umma, ki gafarce ni," ya sungumi matarsa ya sa a mota. Yaya ta biyo shi da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana faɗin abin da ba zan maimaita ba.

Da-Saura na ganinsu ta ga leɓen Auta ya bushe, idanu sun faɗa. Ta ce, "Yaushe faya ta fashe?"

Mai walda ya sunkuyar da kai. "Tun jiya, Inna."

Ta cire tabarau ta dubi yayarta. "Tun jiya. Me na ce muku?"

"Kin ce da saura."

"Bayan shi fa?"

"Bayan shi kin ba mu ƙeya. Ni ba na jin maganar ƙeya."

Ba lokacin faɗa ba ne, ta ja yarinyar ciki. Bakin mahaifa ya kai shida, amma ya kumbura ya yi kauri saboda nishin da aka sa ta yi kafin lokaci. Ciwo yana zuwa da ƙarfi, a jere, ba hutu mai tsawo. Kan ɗa yana sama, nesa da yatsa, ba ta iya tantance yadda ya kwanta ba. Mafitsara ta cika tam, ita ma takan tare wa kai hanya. Ta sa roba ta zuƙe fitsarin, ta ɗaura mata ƙarin ruwa don jiki ya bushe, ta ba ta maganin kariya daga ƙwayoyin cuta tunda faya ta daɗe da fashewa, ta kwantar da ita ta gefen hagu. Ta ɗora abin sauraro a ciki. Zuciyar ɗa tana nan daidai.

"Inna," Auta ta ce, "zan mutu ne?"

"Rufe min baki. A hannuna? Ai ko kunya kya ji. Saurara, kar ki ƙara nishi sai na ce. In ya taso, hura iska kamar kina fifita shayi mai zafi."

Ta ba abin ɗan lokaci, don wani jinkirin ƙishirwa ce da cikar mafitsara da tsoro, in an kawar da su sai tafiya ta miƙe. Amma ba ta matsa daga bakin gadon ba. Tana dafa ciki tana auna ƙarfin ciwon, tana komawa ga zuciyar ɗa a kai a kai. Yaya kuwa tana kan benci tana ba sauran masu jira labarin wuyan riga, da ƙarfi, don a ji a ciki.

Da rana ta take, ungozoma ta sake dubawa. Shida ɗin nan dai, ko gashi bai ƙaru ba. Kai bai sauko ba. Ruwan da ke biyowa, wanda ɗazu fari ne, ya fara yin kore-kore, alamar ɗa ya yi kashi a ciki. Bayan kowane ciwo zuciyarsa takan yi ƙasa, ta daɗe kafin ta dawo. Wannan karon kuma, da mafitsara ba komai, yatsanta ya kai inda bai kai ba ɗazu. Maimakon santsin tsakiyar kai, sai ta ji tudun gira da gindin hanci. Ta tsaya cak. Ta kira abokiyar aikinta ta ce ta duba ita ma, don ta san hannun mutum yakan yi masa ƙarya a kan nasa. Abokiyar ta duba, ta ɗago, ta gyaɗa kai. Da-Saura ta ce a kira direban motar asibiti, a buga wa babban asibiti waya su shirya ɗakin tiyata. Sannan ta fito baranda.

Yaya ta riga ta buɗe baki. "Bari in hutar da ke. Jama'a, ku taya ta faɗa: da saura!"

Wasu a kan bencin suka yi dariya.

"Babu saura," in ji ungozoma. "Naƙudar ta tsaya. Babban asibiti za mu wuce, aiki za a yi mata."

Dariyar ta ɗauke. Yaya ta miƙe a hankali, zaninta na jan ƙasa.

"Aiki? Shekara da shekaru kina cewa mata da saura, yau da aka zo kan 'yata ne kalmar ta ƙare a bakinki? Jiya kin kore mu don ba mu yi jinkiri ba, yau za ki yanka ta don mun yi jinkiri. Wanne ne naki?"

"Jinkirin jiya daban, na yau daban. Jiya ƙofa ce ba ta fara buɗewa sosai ba, wannan haƙuri ne maganinsa. Yau ciwo ya kai maƙura, mahaifa tana turi iya ƙarfinta, ƙofa ta ƙi ƙaruwa, kai ya ƙi saukowa. Da goshi yake tahowa, Yaya."

"To alhamdu lillahi!" Yaya ta tafa hannu ta juya ga masu benci. "Kun ji? Jikana da goshi ya taho. Kowa addu'a yake Allah Ya ba shi ɗa mai goshi, ita kuma ta mai da shi cuta. Baƙin ciki dai bai yi ba."

"Ba goshin arziki nake faɗa miki ba, goshin fuska!" Muryar Da-Saura ta tashi, abin da ba a saba ji ba. "Ke ba tela ba ce? In za ki sa wa yaro riga mai ƙaramin wuya, ya yake yi da kansa?"

"Kar ki kawo min sana'ata cikin shirmenki."

"Sunkuyawa yake yi, haɓa a ƙirji, tsakiyar kai ta fara shiga. Haka ɗa yake fitowa. Wannan ya ɗaga kai, ya kawo wurin da ya fi ko'ina faɗi. Ki tura har gobe, wuyan rigar ne zai yage, kan ba zai wuce ba."

"To ki sa mata ruwan naƙuda mana! 'Yar mai shagon kusa da ni, nan ta zo, ke da hannunki kika ɗaura mata, kafin la'asar ta sauka. Ko shi ma sai wadda kika ga dama?"

"Waccan ciwonta ne ya yi sanyi, ɗa ya kwanta daidai, hanya a buɗe, ƙarfin turi ne babu, shi ya sa aka ƙara mata. Abu uku ke tsai da naƙuda: ko turin ya gaza, ko hanyar ta yi ƙunci, ko ɗan ya yi girma ko ya zo a karkace. Ruwan nan na farkon kaɗai yake wa magani. In na ɗaura wa Auta shi yanzu, mahaifar za ta yi ta matsa a kan abin da ba zai wuce ba har ta tsage. Ko ba ta tsage ba, kan nan yana danne mafitsara a jikin ƙashi, in ya daɗe naman wurin ya mutu ya huje, ta koma yoyon fitsari. Ɗan kuma ya fara gajiya, na ji a zuciyarsa. Kina so a yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance?"

Yaya ta matso har numfashinsu yana haɗuwa. Ta rage murya, amma kowa ya ji.

"Na gane ki. Tun tana ƙarama kike son ƙwace min ita. Yanzu kina so ki mai da ita irinki, a farke ta kamar buhu, ku zama ku biyu. Don ke kin kasa, sai ki ce kowa ma ba zai iya ba."

Mai walda ya dafe kai. Ungozoma ta cusa hannu a aljihun riga.

"Irina?" ta ce. "Irina ita ce wadda aka bari a ɗaki ana ce mata raguwa har ɗanta ya mutu a cikinta. Wannan ce ba na so ta zama. Ki zage ni daga nan har ƙofar tiyata, akwai wuri a motar. Amma motar za ta tashi."

"Ba inda za ta je sai da yawuna. Kai kuma," ta juya ga surukinta, "in ka yarda aka taɓa min 'ya da wuƙa, kar ka ƙara taka ƙofar gidana."

Bawan Allah ya dubi surukarsa, ya dubi ungozoma. Sai ga murya daga cikin ɗaki, a dishe, da kyar take fita.

"Umma."

Duk suka juya. Auta ce, ta ɗago kai daga matashi, ƙofa a buɗe, ashe ba abin da ya wuce ta.

"Umma, na yi nishin nan tun jiya, kin gani da idonki. Ban yi raki ba. Ko na yi?"

Yaya ta kau da kai.

"Ki faɗa min, na yi raki?"

"Ba ki yi ba," ta ce, kamar ana cire mata haƙori.

"To ba ƙoƙari ne ya rage ba. Ni ce a kan gadon nan, kuma na yarda a yi aikin. Inna, ku ɗauke ni."

Aka turo gadon. Yaya ba ta matsa daga hanya ba sai da ƙarfen ya taɓa cinyarta. Ta shiga motar kuwa, ta zauna a gefe guda, ungozoma a ɗaya gefen riƙe da jakar ruwa, yarinya a tsakaninsu. Direban ya ce tunda yake tuƙi bai taɓa ɗaukar shiru mai nauyin wannan ba.

A babban asibiti likita ta duba, ta ce goshi ne, a shiga da ita yanzu. Aka ciro ɗa namiji, goshinsa ya kumbura ya yi tsini kamar an ɗora masa ƙwai, jikinsa a sake, bai yi kuka ba. Sai da aka goge shi aka yi ta busa masa iska da 'yar jaka kafin ya yi wani siririn ƙara kamar ɗan kyanwa. Ƙasan mahaifar Auta ya riga ya yi siriri saura ƙiris ya tsage, kuma da aka cire mabiyiya, mahaifar da ta gaji ta yi nawar tsukewa, ta zubar da jini har sai da aka ƙara mata. Yaron ya yi kwanaki a ɗakin jarirai. Uwar kuma aka bar mata robar fitsari ta daɗe a jikinta don mafitsarar da aka danne ta huta ta warke. Ta warke ɗin, ba ta yi yoyo ba. Likita ta gaya mata ƙugunta ba shi da laifi, kwanciyar ɗan ce, haihuwa ta gaba tana iya yiwuwa ta sauka da kanta, amma lallai a babban asibiti, kuma ta zo da wuri.

Kuna tsammani Yaya ta zo ta ce ƙanwata ki yafe ni? Ashe ba ku san ta ba. Kumburin goshin yaro bai gama sacewa ba ta koma shago, ta ƙara sabon labari a kan na wuyan riga. Wai saura ƙiris 'yarta ta sauka aka yi mata gaggawa, wai mutanen asibiti hannunsu ƙaiƙayi yake in ba su yanka ba. Yaron kuwa ta laƙaba masa Mai Goshi, tana ɗaga shi tana cewa tun ranar da ya zo ɗinki ya yi mata yawa. Ta hana surukinta gaisuwa wata da watanni. Abu ɗaya dai masu lura suka lura da shi: da 'yar maƙwabciyarta ta kwana tana naƙuda a gida, Yaya ce ta je ta buga musu ƙofa ta ce su kai ta asibiti, "ba don komai ba, don kar a ce." Kuma ta yi rantsuwa in aka gaya wa ƙanwarta sai ta ci mutuncin mutum.

Ita ma Da-Saura ba ta zama waliyyiya ba. Har gobe ba ta iya sannu ba, har gobe ana tsoron layinta. Sai dai yanzu in ta ce da saura, ba ta juya baya. Takan tsaya ta kama hannun mai cikin, ba na uwarta ba, ba na mijinta ba, ta lissafa mata abubuwan da za su dawo da ita, sannan ta ce, "Maimaita min." In mace ta yi kuskure, ta sa ta sake, tana harararta ta saman tabarau. Mata suna fita suna cewa jarabar matar nan ƙaruwa take yi da tsufa.

Kwanakin baya Auta ta kai mata Mai Goshi, ya fara tafiya, yana jan agogon ƙirjinta. Suna zaune a kan dogon bencin nan bayan an tashi aiki, Auta ta ce, "Inna, don Allah, ke da Umma fa? Jiya na ji tana tambaya ko ƙafarki ta daina ciwo. Ta ce wai ba don ta damu ba. Yaushe za ku shirya?"

Ungozoma ta ƙwace agogonta daga bakin yaro, ta goge shi da gefen riga, ta daɗe tana kallon titi.

"Da saura," ta ce.

To, ku da kuka ji yadda take rarrabe jinkiri, ku gaya min: wannan da saura ɗin nata, irin wanda ake ba lokaci ne ya buɗe da kansa, ko irin wanda ya tsaya ne, in ba a sa hannu da wuri ba sai wani abu ya tsage?